Sakan bakwai a kan takardar neman aiki: inda ido ke sauka da inda yake tsallakewa

Mai neman aiki yakan kwana yana gyara takardar tarihin karatunsa da ayyukansa, wadda aka fi sani da sibi, yana auna kowace jimla, da zaton cewa wanda zai karɓa zai fara daga layin farko ya bi ta har ƙarshe. Wannan zato shi ne tushen yawancin kurakuran da ake yi a takardar, domin a zagayen farko ba karanta ta ake yi ba. Manajan da ke neman ma'aikaci yana zuwa ne da tambaya a ransa tun kafin ya buɗe takardar, ya leƙa wurare uku ko huɗu da ya saba samun amsa, idan ya samu ya ajiye takardar gefe don ya dawo mata, idan bai samu ba ya wuce ta gaba.

Lissafi ne ya tilasta masa haka, ba raini ba. A ɗauka an tallata gurbi ɗaya, mutum 240 suka nema. Idan manajan ya ba kowace takarda minti 3, zai kashe minti 720, wato awa 12 cur, kuma shi mutum ne da ke da nasa aikin na yau da kullum, wanda ma ƙarancin hannu a sashensa ne ya sa ake neman sabon ma'aikacin. Idan kuwa ya ba kowace sakan 7, zai gama tarin duka a cikin minti 28, ya fito da takardu 15 ko 20 da zai zauna ya karanta a natse. Saboda haka aikin zagayen farko shi ne rage tarin, kuma mai rage tari dalilin ajiye takarda yake nema, domin shi ya fi saurin samuwa.

Adadin sakan da ake yawan ambata ya samo asali ne daga wani kamfanin tallata guraben aiki na Amurka mai suna Ladders. A 2012 kamfanin ya sa ƙwararrun masu tace takardu 30 a gaban na'urar da ke bin motsin ido, ya bayar da rahoton cewa sukan yanke hukuncin farko a cikin kimanin sakan 6, sannan da ya maimaita gwajin a 2018 ya ce adadin ya kai sakan 7.4. Ya kamata a riƙe wannan adadi da hannu biyu amma ba a rantse da shi ba: mutanen da aka gwada ba su da yawa, kamfanin yana da amfanin kasuwanci a cikin sakamakon, kuma masu tace takardu aka gwada, ba manajojin sashe ba, waɗanda sukan ɗan fi daɗewa tunda su ne za su zauna da wanda aka ɗauka. A ganina yawan sakan ɗin ba shi ne abin ɗauka a binciken ba. Abin ɗauka shi ne inda idon ya tafi. Rahoton 2012 ya ce kusan kashi 80 cikin ɗari na lokacin ya ƙare ne a kan abubuwa shida: sunan mai nema, muƙaminsa na yanzu da wurin aikinsa, muƙaminsa na baya da wurin aikin, lokacin farawa da barin kowanne daga cikin ayyukan biyu, da kuma karatunsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban tarin takardu zai shaida cewa jerin bai yi nisa da gaskiya ba.

Don a gane dalilin da ya sa abubuwan ba su wuce haka ba, sai a duba yadda ido ke aiki. Ido ba ya zamewa a kan layi kamar yadda muke ji. Tsalle yake yi, ya tsaya kamar rubu'in sakan, ya sake tsalle, kuma a kowace tsayawa abin da yake gani tar bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba, sauran shafin kuwa dishi-dishi ne, sai dai siffarsa: inda rubutu ya yi kauri, inda aka bar fili, inda lambobi suka fito daga cikin haruffa. A sakan 7 ido zai tsaya kamar sau 28. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da saurin karatu, domin baligi mai karanta Turanci a zuci yakan ci kalma kusan 240 a minti, wato kalma 28 a sakan 7. Takarda mai shafi biyu tana iya ɗaukar kalma 700 ko fiye. Ke nan abin da manajan ya gani da gaske kafin ya yanke hukuncin farko bai kai kalma ɗaya cikin ashirin ba, kuma tambayar da ta rage ita ce wace kalma ce za ta shiga cikin waɗannan 'yan kaɗan.

Ba a warwatse idon ke zaɓe ba. A 2006 Jakob Nielsen, mai bincike kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa sakamakon bin idon masu karatu a fuskar kwamfuta, ya nuna cewa idan rubutu ya yi yawa kuma mai karatu yana sauri, idonsa yakan zana siffa mai kama da harafin F: ya bi layukan sama daga hagu zuwa dama, ya sauko kaɗan ya sake bin wani layi amma bai kai ƙarshensa ba, daga nan ya gangara ta gefen hagu yana ɗanɗana farkon layuka kawai. Shafukan intanet ya gwada, ba takardun neman aiki ba, amma yawancin takardun yanzu a fuskar kwamfuta ake buɗe su, kuma sau da yawa rabin sama na shafin farko ne kawai ke bayyana kafin a ja ƙasa. Ma'anar wannan ita ce kashi ɗaya cikin uku na saman shafin farko da kalmomi biyu ko uku na farkon kowane layi su ne filin da ke da tsada, ƙarshen dogon layi da tsakiyar sakin layi kuwa wuri ne da ido ba ya zuwa sai a zagaye na biyu.

Misali ɗaya zai fi bayyana lamarin. A ɗauka wani kamfanin rarraba kaya yana neman jami'in sito. Manajar sashen ta rubuta sharuɗɗa goma a cikin tallar, amma a ranta uku take riƙe da su: mutum ya yi aƙalla shekara 3 a sito, ya iya lissafin kaya a kwamfuta, kuma ya taɓa shugabantar mutane ko da biyu ne. Waɗannan ukun ne ma'aunin da take ɗora kowace takarda a kai.

Ta buɗe takardar mutum na farko. A sama akwai hotonsa, kuma fuska tana jan ido ko an so ko ba a so, don haka sakan ɗaya ya tafi a nan. Ƙarƙashin hoton akwai jerin bayanan kansa: ranar haihuwa, jinsi, matsayin aure, cikakken adireshi mai layi uku. Sai sakin layi mai taken burinsa, inda ya ce shi mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, mai son aiki tare da jama'a, yana neman wurin da zai ba da gudunmawa ga ci gaban kamfani. Manajar ta ga kalmar farko ta tsallake, domin ta ga irin wannan jimla a takardu arba'in kafin tasa, kuma babu wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne. Ta gangara tana neman inda aka rubuta ayyuka, sai ta tarar da karatu, an faro daga firamare ana hawa. Shafin farko ya ƙare ba ta ga kalmar sito ba. Ta ja ƙasa, ta ga aikinsa na farko a rayuwa, na sayar da kaya a kanti, tunda ya jera ayyukan ne daga tsoho zuwa sabo. Sakan 7 sun cika, abin da ya zauna mata a rai shi ne mai tsaron kanti, ta wuce.

A can ƙasan shafi na biyu kuwa, inda idonta bai kai ba, an rubuta cewa mutumin ya yi shekara 6 a siton wani kamfanin magunguna, da mutum biyar a ƙarƙashinsa. Ko da ta kai wurin ma da wuya ta gane, domin muƙamin da ya rubuta shi ne “Mataimaki mai daraja ta 2”, sunan da tsarin albashin kamfaninsu ya ba shi, wanda ba ya gaya wa baƙo komai game da aikin da yake yi.

Ta buɗe ta biyu. A sama suna ne da lambar waya da adireshin imel a layi ɗaya. Layi na gaba ya ce: jami'ar sito, shekara 3 da rabi, lissafin kaya da Excel. Ƙarƙashinsa taken ayyuka, sai muƙaminta na yanzu da rubutu mai kauri a hagu, sunan kamfani kusa da shi, watan farawa da shekara a dama. Layin farko a ƙarƙashin muƙamin ya fara da “Shugabantar ma'aikata 2”. Kafin sakan 5 manajar ta sami amsar tambayoyinta uku, ta jefa takardar cikin waɗanda za a karanta. Na farkon ya fi ta biyun ƙwarewa kusan ninki biyu, amma ita ce za a kira. Wannan rashin adalci ne a sakamako, sai dai ba wanda ya yi niyyarsa, kuma gyaransa yana hannun mai takardar fiye da kowa.

Gyaran bai buƙaci ya ƙara ko da abu ɗaya da bai yi ba. Ayyuka su hau sama da karatu, tunda ya shekara shida yana aiki kuma aikin ne hujjarsa, sannan a jera su daga na yanzu zuwa na baya. Wanda bai daɗe da gama makaranta ba shi ne ke sa karatu a gaba, domin shi ne abin da yake da shi. Muƙamin ya zama “Mai kula da sito, mataimaki mai daraja ta 2”, yadda sunan aikin zai zo farko, sunan hukuma ya biyo baya, kuma idan aka tuntuɓi tsohon wurin aikinsa ba za a same shi da ƙarya ba. A nan akwai iyaka da ya kamata a kiyaye: fassara muƙami zuwa sunan da kowa ya sani daidai ne, amma ɗaga shi daga mai kula zuwa manaja ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ake ganowa da kiran waya ɗaya.

Sai layukan da ke ƙarƙashin muƙamin. Ya rubuta: “Ina da alhakin kula da kayayyaki da gudanar da duk wasu ayyuka da shugabannina suka ba ni.” Idon da ke gangarawa ta hagu “Ina da alhakin” kawai zai gani, kuma idan layuka biyar duk da haka suka fara, to sau biyar ya ga abu ɗaya. Ga yadda layin zai koma: “Kula da sito mai nau'in kaya 1,200 da ma'aikata 5.” Na biyu kuma: “Rage giɓi tsakanin abin da ke littafi da abin da ke kan kanta daga kashi 4 zuwa kashi 1 cikin ɗari a shekara 2.” Lambobi suna yin aiki biyu a nan. Na farko, siffarsu ta bambanta da ta haruffa, don haka ido yana hango su tun daga gefe ya sauka a kansu. Na biyu, suna ba manajar girman aikin, domin kula da sito mai nau'in kaya 50 da kula da mai 1,200 ba sana'a ɗaya ba ce ko da sunan muƙamin ɗaya ne. Wanda ya san aikin sito kuma ya san cewa giɓin ƙidaya shi ne ciwon kan kowane manaja, don haka layi na biyun yana magana da ita kai tsaye. Amma idan aka cika kowane layi da lambobi da rubutu mai kauri, an koma gidan jiya, tunda abin da ya fita daban ne kawai ke jan ido.

Kwanan wata ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da masu nema suka fi rainawa alhali manaja ba ya tsallake shi. Da shi yake yin lissafi uku cikin ƙiftawar ido: jimillar shekarun ƙwarewa, tsawon zama a kowane wuri, da ko akwai tazara tsakanin wani aiki da wani. Mai nema da ya rubuta shekaru kawai, kamar 2021 zuwa 2022, ya bar ƙofa a buɗe, domin wannan yana iya zama wata 2, daga Disamba zuwa Janairu, yana kuma iya zama wata 24. Manajan da ya saba ya san cewa masu ɓoye gajeren zama su ne suka fi cire watanni, saboda haka yakan ɗauki mafi ƙarancin. Wanda ya yi wata 22 da gaske ya cuci kansa da ya bar watan.

Tazarar rashin aiki kuwa tana da tasiri da aka auna. A wani bincike da masana tattalin arziki Kroft da Lange da Notowidigdo suka wallafa a 2013, sun aika da takardun gwaji kimanin 12,000 ga guraben aiki na gaske a biranen Amurka, suka tarar cewa yiwuwar a kira mutum tana raguwa yayin da zamansa ba aiki ke tsawo, kuma mafi yawan faɗuwar tana aukuwa ne a watanni takwas na farko. Mai nema ba zai iya goge tazarar ba, amma zai iya hana manajan cike ta da nasa zato. Layi ɗaya mai kwanan wata, a daidai wurinsa a cikin jerin, da ke cewa jinyar iyali ko ƙarin karatu ko sana'ar kai, yana rufe tambayar a sakan ɗaya. Fili da aka bari ba bayani shi ne ke sa ido ya tsaya, kuma tsayawar shakka a zagayen rage tari ba ta cika ƙarewa da alheri ba.

Akwai abin da ake gani wanda bai kamata ya yi nauyi ba, amma yana yi. Suna shi ne abu na farko da ido ke sauka a kai. Masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika da takardu kusan 5,000 ga masu tallar aiki a biranen Boston da Chicago na Amurka, suka raba musu sunaye ba tare da la'akari da abin da ke ciki ba, kuma a sakamakon da suka wallafa a 2004 takardun da ke ɗauke da sunayen da aka saba ji a wurin fararen fata sun sami kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Gaggawa tana ba irin wannan son zuciya fili, domin mutumin da ba shi da lokacin auna hujja yakan jingina da abin da ya saba. Wannan ba laifin tsarin takarda ba ne, kuma gyara layuka ba ya maganinsa. Shi ya sa wasu ma'aikatu ke rufe suna da hoto kafin a miƙa wa masu tacewa. Sunan babban kamfani ko sananniyar jami'a ma haka yake aiki, ta ɓangaren da ke amfanar mai shi. Wanda ya yi aiki a wurin da ba a sani ba zai iya rage wannan rata da 'yan kalmomi bayan sunan, kamar “kamfanin rarraba magunguna, ma'aikata 80”.

Abubuwan da ake tsallakewa ba sa buƙatar dogon bayani. Jerin halaye na gari, abubuwan sha'awa, alƙawarin kawo masu shaida idan an nema, da zanen taurari ko sanduna da ke cewa mutum ya iya wani abu huɗu cikin biyar, duk ido yana wuce su, kuma illarsu ita ce filin da suka cinye. Kuskuren rubutu kuwa ya danganta da inda ya faɗo: a tsakiyar shafi na biyu da wuya a gan shi a zagayen farko, amma a cikin sunan muƙami ko sunan kamfani yana kan hanyar ido sosai.

A manyan ma'aikatu akwai mataki kafin idon mutum, wato manhajar tattara takardun masu nema da ake kira ATS. An cika zuzuta ta kamar wata alƙaliya mai yanke hukunci ita kaɗai, alhali yawancin aikinta ajiya ne da bincike: tana zare rubutun takardar ta zuba shi a gurabe, mai tacewa kuma ya rubuta kalma ya nemo waɗanda ke da ita. Matsala tana zuwa ta hanya biyu. Idan takardar hoto ce da aka ɗauka aka mayar PDF, babu rubutun da za a zara, kuma idan an tsara ta ginshiƙi biyu ko cikin akwatuna, wasu manhajojin sukan cakuɗa layukan har muƙami ya rabu da kwanan watansa. Hanya ta biyu ita ce kalma: idan tallar ta ce Excel, mai nema kuma ya rubuta “ƙwarewa a kwamfuta”, binciken ba zai fito da shi ba. Gwajin na farkon mai sauƙi ne. A buɗe takardar, a danna Ctrl+A da Ctrl+C, a liƙa a fayil na rubutu zalla, a ga ko ta fito a jere yadda mutum zai iya karantawa.

Mai nema yana iya gane matakin da yake faɗuwa daga irin amsar da yake samu. Saƙon ƙi da ya iso 'yan mintuna bayan aikawa, ko da tsakar dare ne, galibi daga tambayoyin fom ne, irin su shekarun ƙwarewa ko izinin aiki, waɗanda aka saita su fitar da mutum kai tsaye, kuma ba wanda ya ga takardarsa. Shiru bayan nema talatin a guraben da ya cika sharuɗɗansu da gaske yana nuni ga saman shafin farko. Idan kuwa ana kiransa ganawa amma ba a ɗaukarsa, takardar ta gama nata aikin, matsalar tana wani wuri, kuma sake mata fasali ɓata lokaci ne. Wanda ke zargin shafin farkon zai iya miƙa shi ga mutumin da bai san tarihinsa ba, ya ƙirga bakwai, ya karɓe, ya tambaye shi mene ne aikin mai takardar, a ina yake yi, kuma shekara nawa ya yi. Idan amsar ta zo da “kamar dai”, to manajar ma abin da ta gani ke nan.

Duk wannan bayani ya shafi gurbin da masu nema suka yi wa yawa ne. Inda mutum takwas kawai suka nema, ko aikin na ƙwararru ne da ake farautarsu, ko wani ma'aikaci na ciki ya miƙa takardar da hannunsa ya ce a duba wannan, ana karantawa daga farko har ƙarshe. Takardun neman koyarwa da bincike a jami'a ma dogaye ne da gangan, kwamiti ke bin su, haka kuma ma'aikatun da ke ba da maki a kan kowane sharaɗi bisa fom. Ko a gurbin jami'in siton ma, takardu 20 da suka tsira za su sami minti biyar ko goma kowace, kuma a lokacin ne manajar za ta karanta layi na huɗu da na biyar, ta lura cewa shekarun da aka faɗa a sama ba su yi daidai da kwanan watan da ke ƙasa ba, ko ta sa alama a kan giɓin da aka ce an rage daga kashi 4 zuwa 1 don ta tambayi mai shi a ranar ganawa yadda aka yi ƙidayar da kuma wanda ya tabbatar da ita.